Mai gida ya ce ba zai sabunta maka haya ba: ga yadda ake karanta takardar

Ran 15 ga Maris 2024 wani ƙanina da ke haya a Kubwa cikin Abuja ya kira ni da daddare muryarsa duk a dagule, ya ce Yaya an kawo min takarda daga mai gida, wai in fita. Na ce ɗauki hotonta ka turo min. Takarda ce shafi ɗaya da Turanci, sa hannun mai gida a ƙasa, abin da ke cikinta kuma bai wuce abu uku ba: cewa ba za a sabunta masa haya ba idan shekararsa ta cika, dalili shi ne ɗan mai gidan zai yi aure a nan za a saka amarya, sannan ya miƙa makulli ran 30 ga Yuni 2024. Shi kuwa ƙanin nawa duk hankalinsa na kan dalilin, yana ta cewa wallahi ƙarya ne babu wani aure, so yake ya fitar da ni ya ƙara wa gidan kuɗi, ai kowa a layin ya san yaron ma bai gama makaranta ba.

Na ce masa ajiye maganar auren tukuna. A cikin abu ukun nan wanda ya fi nauyi shi ne kwanan watan, kuma yawancin mutanenmu da ke samun irin wannan takarda a kan dalili suke ƙarar da ƙarfinsu, su yi ta kai ƙorafi wajen maƙwabta da limamin unguwa har wata biyu ya wuce ba su zauna sun ƙirga kwanakin da aka ba su ba, alhali a nan ne haƙƙinsu yake in akwai.

Tambayar farko da na yi masa ita ce wace irin haya kake yi, sai ya ce hayar shekara mana. To a nan ne abin yake rikicewa don kuwa a wajen doka iri biyu ne abin da mu muke haɗawa mu kira hayar shekara. Akwai haya mai wa'adi, wato an rubuta a yarjejeniya cewa daga rana kaza zuwa rana kaza, shekara ɗaya cak. Irin wannan da kanta take mutuwa idan ranar ta zo, ba sai an ba ka notis na tashi ba, don tun ranar da ka sa hannu ka san ranar fitarka. Idan mai gida ya rubuto maka wata uku kafin lokaci ya ce ba zai sabunta ba, tuni ne kawai ya yi maka, kuma ya kyauta. Akwai kuma haya ta shekara-shekara, wadda ba a yanke mata ƙarshe ba, duk shekara ka biya a ci gaba. Wannan ba ta mutuwa da kanta, sai ɗayanku ya kashe ta da notis, kuma notis ɗin yana da tsawon da doka ta sa masa.

Na ce ya lalubo min yarjejeniyarsa da rasit ɗinsa duka. Ya samo su cikin wata tsohuwar ambulan tare da takardun makarantar yara. Yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce, daga 1 ga Yuli 2021 zuwa 30 ga Yuni 2022, kuma ba a ce komai a cikinta game da tsawon notis ba. Bayan ta ƙare ba su sake rubuta wata ba, a Yuli 2022 ya tura kuɗin shekara aka ba shi rasit, a Yuli 2023 ma haka, naira 900,000. Ka ga ke nan haya mai wa'adin ta mutu tun 2022, abin da ya maye gurbinta shi ne ta shekara-shekara, saboda ya ci gaba da zama, ya biya kuɗin shekara, mai gida ya karɓa. Shi kansa mai gidan na tabbata bai san matsayin ya canza ba, a tunaninsa duk shekara sabuwar haya ce da yake da ikon rufewa da baki ɗaya.

Yanzu tsawon notis. Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja ta ce idan ba ku yi wata yarjejeniya a kan haka ba, mai biyan mako-mako a ba shi mako ɗaya, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara kuma rabin shekara. Dokar haya ta Legas ta 2011 ma wata 6 ta ba ɗan hayar shekara. A kula da wannan sharaɗi na "idan ba ku yi yarjejeniya ba", don shi ne ke kayar da mutane da yawa. In ka sa hannu a takardar da ta ce notis ɗin wata ɗaya ya isa, to wata ɗayan ne naka ko da shekara kake biya, kuma idan kuka ci gaba bayan wa'adin farko ba tare da sabuwar takarda ba galibi sharuɗɗan tsohuwar ne ke biyo ku. Shi ya sa kafin ka je kana cewa doka ta ba ni wata shida, fara karanta abin da ka sa wa hannu ranar da kake ɗokin karɓar makulli.

Kuma kowace jiha da tata dokar. Mutum yana aiki a cikin Abuja amma yana kwana a Mararaba, gidansa a jihar Nasarawa yake, na Suleja kuma a jihar Neja, don haka inda ginin yake shi ne abin dubawa ba inda kake ɗaukar albashi ba.

Sai muka zauna lissafi. An miƙa masa takarda 15 ga Maris, an ce ya fita 30 ga Yuni, wata uku da rabi ke nan. Ɗan hayar shekara-shekara wanda shekararsa ke farawa 1 ga Yuli tana ƙarewa 30 ga Yuni, idan ana so ya fita ƙarshen Yuni 2024 dole takardar ta shiga hannunsa kafin Disamba 2023 ya ƙare. Ranar da ta shiga hannunsa ake ƙirgawa, ba ranar da aka buga ta a shagon kwamfuta ba, akwai masu rubuta tsohon kwanan wata a saman takarda su kawo ta bayan wata biyu, wannan ba ya gyara komai. Notis kuma yana iya wuce wata shida babu laifi, amma in ya gaza ko da kwana ɗaya ne ya zama abin ƙalubalanta a kotu.

Akwai ƙa'ida ta biyu da ta fi wannan ba masu gida wahala. A tsohon tsarin da kotuna suka daɗe a kai, ba tsawon kawai ake dubawa ba, dole ranar da notis ya ƙare ta faɗa daidai ƙarshen shekarar haya. Ma'ana wanda ya makara bai bayar a Disamba ba, ba zai ce to na ba ka daga Maris zuwa Satumba ba, don Satumba tsakiyar sabuwar shekara ce, sai dai ya saita ta zuwa ƙarshen Yunin gaba. Legas ta sassauta wannan a dokarta ta 2011, ta ce ba dole notis ya ƙare a ranar cikar shekara ba, yana iya ƙarewa a ranar ko bayanta muddin wata shidan ya cika. Don haka takarda iri ɗaya tana iya tsayawa a Legas ta yi rauni a wani wurin.

Da na gama masa wannan bayani sai na ji muryarsa ta canza, ya ce Yaya ke nan ba inda za ni sai 2025. A nan na taka masa birki, kuma ina so duk ɗan hayar da ke karanta wannan ya tsaya a nan shi ma. A 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Pillars da Desbordes, rigimar da aka shafe shekaru sama da ashirin ana jan ta, kuma a cikin hukuncin aka bayyana cewa idan akwai kuskure a notis, shigar da ƙara da kai wa ɗan haya sammaci ya isa ya sanar da shi cewa mai gida na son kayansa, lokaci kuma zai fara ƙirguwa daga nan. Lauyoyi har yanzu suna muhawara kan iyakar wannan magana, amma abin da ya fito fili shi ne zamanin da mutum zai riƙe kuskuren kwana biyu a takarda ya zauna a gidan mutane shekara da shekaru yana ja baya. Gajeren notis yana ba ka ƙarfin neman ƙarin lokaci cikin mutunci, amma ba zai mallaka maka gidan wani ba, kuma duk kwanan da ka ƙara bayan hayarka ta ƙare da kuɗinsa.

Kuɗin nan shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Daga ranar da haya ta ƙare zuwa ranar da ka miƙa makulli, mai gida yana da ikon neman kuɗin zaman da ka yi, kuma yawanci da tsohon kuɗin haya ake aunawa, wani lokacin ma ya nemi a auna da abin da gidan zai kawo a kasuwa yanzu in ya iya tabbatar da shi. A gidan 900,000 wata ɗaya 75,000 ne. Wanda ya ja shari'a shekara guda yana ganin zaman banza yake yi, ranar hukunci zai tarar da 900,000 na jiransa ga kuɗin lauya, ga kuma neman wani gida da sabon farashi. Kuskure mafi muni kuwa shi ne ka daina biya gaba ɗaya don fushi, domin ɗan hayar da shekararsa ta ƙare bai biya ba shi da kansa yake raunana hujjarsa ta wata shida, akwai shari'o'in da aka ɗauki irin wannan a matsayin mai zaman alfarma wanda notis ɗin kwana 7 ya ishe shi.

To dalilin fa, ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, amma ba irin wanda ƙanina yake zato ba. Abin da ke tsayar da notis shi ne a gane wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, wane gida, wace irin haya, da ranar da za ta ƙare. Mai gida ba ya bukatar ya gamsar da kai kafin ya ƙi sabunta haya, sabuntawa sabon ciniki ne kuma ba a ciniki dole, sai fa in yarjejeniyarku ta ba ka zaɓin sabuntawa a rubuce, nan kam magana ta canza. Inda dalili ke aiki shi ne idan zargi ne. In ya rubuta cewa ana bin ka bashin haya, ko ka saka wani ɗan haya a ɗaki ba da izini ba, ko ka mayar da gidan zama wurin sana'a, kar ka yi shiru, ka mayar da amsa a rubuce cikin kwanaki kaɗan ka haɗa da hoton rasit, don abin da aka rubuta ba ka musa ba yana iya fitowa gobe a gaban alƙali. In kuma dalili ne irin na aure ko gyaran gini ko zai dawo da iyalinsa, to ba abin musu ba ne, sai dai yana gaya maka yawan sararin da ke akwai na neman alfarma. Aure yana da rana, gyara yana jiran damina ta wuce, wanda ya sayar da gida kuwa mai saye na matsa masa.

Ga masu gida kuma ina roƙo, a rubuta dalilin gaskiya ko a bar gurbin babu komai. Mutum ya rubuta cewa ɗansa zai shiga, bayan wata biyu a ga baƙo ya sauke kaya da ninkin kuɗi, ko kotu ba ta taɓa shi ba unguwa ta gani, kuma in an riga an je kotu da wannan dalilin sai an tambaye shi a kai. In ƙarin kuɗi kake so ka faɗa kai tsaye, sau da yawa wanda ke ciki zai fi son ya ƙara da ya biya dillali da motar kwasar kaya da sabon fenti a wani wuri.

Yanzu abin da ya fi tayar wa mutane hankali, ranar miƙa makulli. Ƙanina ya tambaye ni, idan 30 ga Yuni ta zo ban samu gida ba watsa min kaya za a yi? A'a. Ranar da ke cikin takarda ranar ƙarewar haya ce, ba ranar fitarwa da ƙarfi ba. Idan ta wuce kana ciki, mai gida sai ya ba ka takarda ta biyu, notis na kwana 7 da ke cewa yana da niyyar zuwa kotu ya karɓi gidansa, kuma cikakkun kwana bakwai ake so, ba a ƙirga ranar da aka miƙa ba. Wannan ta biyun ko mai haya mai wa'adi sai an ba shi. In lauya ko wakili ne zai sa hannu a madadin mai gida, ya kasance yana da izini a rubuce tun kafin ya bayar, ƙararraki da yawa sun faɗi a kan wannan ɗan abin. Bayan kwana bakwai sai ƙara, sai sammaci, sai hukunci, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum da umarnin alƙali. Cire rufin ɗaki, canza kwaɗo, yanke wuta da ruwa, turo 'yan daba, ko kawo 'yan sanda su yi barazana, duk ɗaukar doka a hannu ne, mai gidan da ya yi haka yana iya ƙarewa shi ke biyan diyya. A Legas ma laifi ne da dokar 2011 ta sa wa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6.

Maganar yadda ake miƙa takarda ma ba ƙarama ba ce. A ba shi hannu da hannu, ya sa hannu da kwanan wata a kwafi na biyu, a gaban shaida. Turawa ta WhatsApp yana da kyau a matsayin ƙari amma kar a dogara da shi kaɗai. Kai kuma ɗan haya ƙin karɓa ba ya taimaka maka, ka karɓa ka rubuta ainihin ranar da aka ba ka kusa da sa hannunka, sa hannun shaidar karɓa ne ba shaidar ka yarda da abin da ke ciki ba. Ƙanina ya yi dace ya rubuta 15 ga Maris da hannunsa, wannan ɗan rubutun ne ya riƙe duk lissafinmu.

Abin da muka yi a ƙarshe ba shari'a ba ce. Mun rubuta amsa gajera, ya tabbatar ya karɓi takarda ranar kaza, ya nuna cewa shi ɗan hayar shekara-shekara ne kuma lokacin da aka ba shi bai kai wata shida ba, ya ce ba ya jayayya da bukatar mai gida, yana neman a ƙara masa zuwa 30 ga Satumba don yara su gama zangon karatu, zai kuma biya kuɗin wata ukun, 225,000, kafin Yuni ya ƙare. Bai aika ba, da kansa ya kai bayan la'asar tare da wani dattijo maƙwabcinsu, ya durƙusa ya gaida mai gidan ya ce Baba ga amsar takardarku na kawo, ba don jayayya ba. Dattijon ya sa baki, mai gidan ya ce sai ya yi shawara da lauyansa, bayan kwana huɗu ya amince. Muka dage a rubuta sabuwar ranar a takarda duka biyun su sa hannu, a rasit ɗin 225,000 kuma a rubuta ƙarara cewa kuɗin zama ne na 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba 2024, ba sabuwar hayar shekara ba. Wannan layin ya kare su duka biyu, shi mai gida ba wanda zai ce ya sabunta, shi ƙanina ba wanda zai ce masa bashi.

Ranar miƙawa na je. Gidan fayau, sai ramukan ƙusa a bangon falo inda aka cire labule da agogo, ya riga ya toshe su da farin siminti tun jiya. Muka zagaya ɗaki-ɗaki da wakilin mai gida, ƙanina yana ɗaukar bidiyo da waya, aka buɗe kowane famfo aka kunna kowane makunni, aka ɗauki hoton mita da ragowar yunit ɗin da ke ciki, aka duba rasit ɗin kuɗin shara da na masu gadi na ƙarshe. An samu gilashin taga ɗaya a tsage a ɗakin yara, ya ce nasa ne, aka yi masa kuɗi aka cire daga kuɗin ajiyar da ya bayar lokacin shiga, aka rubuta ragowar da ranar da za a turo masa. Fentin da ya koɗe saboda shekara uku ba a ɗora masa ba don wannan tsufa ne ba ɓarna ba. Sannan ya ƙirga makullai guda bakwai a tafin wakilin, na get biyu, na ƙofar falo biyu, sauran na ɗakuna, wakilin ya rubuta a takarda cewa ya karɓi gida da makulli bakwai ran 30 ga Satumba 2024 ya sa hannu. Na sa aka yi wannan ne don idan ka kwashe kaya ka tafi da makulli a aljihu, ko ka bar shi wajen mai shagon bakin layi ba shaida, ana iya cewa har yanzu gidan yana hannunka, kuɗin zama kuma ya ci gaba da hawa kanka. Ragowar kuɗin ajiyar ta shigo masa bayan mako biyu.